Kafin ku haɗa kuɗin sayen kebul na jona waya da talabijin

A hutun da ya wuce ƙanwata da ƙawayenta 'yan SS3 su goma sha biyu suka haɗa naira ɗari biyar-biyar. Akwai bidiyoyin firatikal na kimistiri a wayar ɗaya daga cikinsu, kuma kai goma sha biyu ba ya iya taruwa a kan allon waya guda. Suka aiki wani yaro daga nan Zawaciki har Farm Centre, ya dawo da kebul mai kan Type-C a gefe ɗaya, HDMI a ɗaya gefen. Aka jona. Talabijin ta rubuta No Signal, ta tsaya a nan.

Sun riga sun fara tsine wa mai shago lokacin da na shigo. Na karɓi kebul ɗin na sa a Samsung Galaxy S10 ta wani maƙwabcinmu mai aiki a Challawa, nan take allon wayar ya fito a talabijin. Ke nan kebul lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana cikin wayarsu.

Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Type-C siffar bakin caji ce kawai. Wayoyi biyu za su iya zama da baki iri ɗaya, ɗaya tana fitar da hoto ta wurin, ɗaya kuwa caji da tura fayil kaɗai take yi. Abin da ke ba waya damar fitar da hoto shi ake kira DisplayPort Alt Mode, kuma tun daga kamfani ake gina shi a cikinta. Babu manhajar da za ku sauke ta ƙara shi. Manyan Samsung na jerin S suna da shi tun daga S8 ta 2017, haka ma iPhone 15 ta 2023. Amma galibin Tecno, Infinix da Itel da ke hannunmu, da yawancin Samsung na jerin A, ba su da shi. Wayar ƙawar ƙanwata Tecno Spark ce.

Saboda haka kafin kuɗi ya bar hannu, ku duba cikakken sunan wayar a Settings, wurin About phone, ku bincika shi tare da kalmar DisplayPort. Abin da ya fi wannan ma, ku tafi kasuwa da wayar, a gwada a gabanku. Masu tsohuwar iPhone mai bakin Lightning, wato har zuwa 14, adaftarsu daban ce, sunanta Lightning Digital AV Adapter, kuma sai an ƙara mata kebul na HDMI.

Sai bayan talabijin. In akwai HDMI, ku lura da lambar ramin da kuka jona, ku danna Source ko Input a rimot ku zaɓi wannan lambar. Na sha ganin an jona a HDMI 2 ana jiran hoto a HDMI 1. In kuwa tsohuwar talabijin ce mai ramuka uku, rawaya da fari da ja, sai an ƙara ƙaramin akwati mai suna HDMI2AV. Ku karanta rubutun jikinsa da kyau, domin akwai ɗan'uwansa AV2HDMI, kamarsu ɗaya, amma aikinsa akasi ne. Akwatin yana son wutarsa ta caja, kuma yana da maɓallin PAL da NTSC. Najeriya PAL take amfani da shi. In hoto ya fito baƙi da fari ko yana rawa, wannan maɓallin za ku fara dubawa.

To su 'yan matan fa? Talabijin ɗinmu tana da ramin USB, don haka ba ma buƙatar HDMI ɗin gaba ɗaya. Na ara musu ɗan ƙaramin kan OTG da filas, muka jona filas ɗin a waya, muka kwafe bidiyoyin ta File Manager, muka mayar da shi jikin talabijin. Guda biyar suka buɗe, da yake MP4 ne. Biyu ba mu ma same su a cikin fayilolin ba, saboda a cikin manhajar YouTube aka sauke su, kuma waɗannan ba sa kwafuwa zuwa filas. A waya suka kalle su, mutum uku-uku.

Kebul ɗin kuwa mai shago ya ce an riga an yage kwalinsa. Maƙwabcinmu ne ya saye shi a kan naira dubu huɗu, suka raba asarar dubu biyu a tsakaninsu.