Kaya sun isa, amma an dawo da inbois

A ce ɗan kwangila ya kai wa wani kamfani rim 200 na takarda, kowane a kan naira 6,000. Da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, kuɗinsa ya kama naira 1,290,000. Ya tura inbois, wato takardar neman biya, sai ga imel daga sashen biyan kuɗi: an dawo da ita, babu lambar PO.

PO ita ce takardar oda da kamfani ke fitarwa kafin ya sayi kaya, wadda 'yan kwangila a Najeriya suka fi sani da LPO. Akanta ba ya biya sai takardu uku sun yi daidai: odar, shaidar karɓar kaya daga sito, da inbois. Lambar oda ce igiyar da ta ɗaure su. In babu ita, ba ya da hanyar sanin wa ya amince da sayen, ko daga wane kasafi za a cire kuɗin. Saboda haka rubuta masa cewa "ai kun ga kaya da idonku" ɓata lokaci ne.

Kafin ka amsa, nemo lambar. Duba takardar odar, ko ka kira wanda ya nemi kayan. A nan ake yawan tuntuɓe, domin wani zai ba ka lambar buƙatar saye ta cikin gida, mai alamar PR, alhali ba ita ake nema ba. Kuma kada ka ɗauki biro ka rubuta lambar a gefen tsohuwar takarda. Fitar da gyararriya mai tsabta, ka tabbata yawan kaya da farashi sun yi daidai da na odar.

Sannan ka amsa a ƙarƙashin imel ɗin nasu, a taƙaice: "Barka da aiki. Ga gyararriyar inbois mai lamba 0147, ta naira 1,290,000, ɗauke da lambar PO 4500012345, a madadin wadda kuka dawo da ita. Na haɗa da kwafin oda da takardar kai kaya mai sa hannun sito. Don Allah a tabbatar mini an karɓa, da ranar da za a biya."

Tambayar ƙarshen nan ta fi komai damuna, domin kamfanoni da yawa suna fara ƙirga kwana 30 na biya ne daga ranar da sahihiyar takarda ta iso, ba daga ranar kai kaya ba.

Idan kuwa ta waya aka ce "kawo kaya" ba a taɓa fitar da oda ba, akanta ba zai iya ƙirƙiro maka ita ba. Wanda ya nemi kayan ne zai bi ta sashen sayayya a fitar. Saka shi cikin imel ɗin, ka ambaci ranar da ya yi odar da ranar da sito ya karɓa.