Rediyon mai shayi da takardun izinin fim

Yau za mu zauna ne da masu shirya ƙananan finafinai, irin waɗanda ake ɗauka da kyamara ɗaya a ɗora a YouTube.

A ce ana ɗaukar wata fitowa a teburin mai shayi a Fagge. Jarumai biyu suna hira, wani yaro yana wanke kofuna, rediyon mai shayi kuma tana ta kwararo waƙar Mamman Shata. Darakta ya ji daɗi, ya ce a bar ta, ta ƙara armashi. Fitowar ba ta wuce minti biyu ba, amma izinin mutane da yawa ya rataya a kanta.

Na jarumai shi ne mai sauƙi, in an yi shi kafin a kunna kyamara. Takarda ɗaya ta isa: sunan jarumi da na fim, kuɗin da aka biya, inda za a nuna fim ɗin, ko YouTube kaɗai ko har da gidajen talabijin da sinima, da yardarsa a sa fuskarsa a talla da fosta. Yaron nan kuwa, tun da bai kai shekara 18 ba, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai sa hannu. Wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa a gaban shaida, ya dangwala yatsa. Shi ma wuri haka: a tabbatar mai shayi ne ke da iko da rumfar, ko akwai mai gida a bayansa, a rubuta rana da lokaci, da wanda zai biya in an fasa wani abu, da damar dawowa in an buƙaci sake ɗauka.

To, sai waƙa, kuma a nan ne aka fi faɗawa rami. Waƙar da ke fita daga rediyo haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai na wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma na wanda ya mallaki faifan da aka naɗa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, faifai kuma shekara 50 daga fitowarsa. Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana nan har ƙarshen 2069, a hannun magadansa ko wanda aka mallaka wa. Cewa “ai tsohuwar waƙa ce” ba hujja ba ce. Ko ka sa wani ya sake rera ta a situdiyo, haƙƙin faifai kawai ka kauce wa, na waƙar yana nan. Rubuta sunan mawaƙi a ƙarshen fim ladabi ne, amma bai zama izini ba.

Ta yaya mutum zai gane ya shiga matsala? Sau da yawa sai bayan ya ɗora fim ɗin. YouTube na da tsarin da ake kira Content ID, wanda ke gwada sautin bidiyo da faifan da masu haƙƙi suka yi wa rajista. In ya dace, mai haƙƙin na iya karɓe kuɗin tallan bidiyon, ko ya toshe shi. In kuma ya kai ƙara a hukumance aka sauke bidiyon, ana yi wa tasha gargaɗi, kuma gargaɗi uku na iya jawo a rufe ta. Abin takaicin shi ne waƙar ta riga ta cakuɗu da muryoyin jarumai a sauti ɗaya, cire ta tsaf yana da wuya. Sai a sake kiran jarumai su ɗora murya, wani ya yi tafiya, wani ya ce sai an ƙara masa kuɗi.

Maganin yana wurin ɗauka. A roƙi mai shayi ya kashe rediyo, a ɗauki hirar, sannan kowa ya yi shiru a naɗi sautin wurin na kamar minti ɗaya, ƙarar cokali da ta babura. Waƙar da aka samu izininta sai a ɗora ta a wajen tacewa.

In kuwa kai ka biya mawaƙi ya yi wa fim ɗinka sabuwar waƙa, kada ka ɗauka biyan kuɗin kaɗai ya mayar da ita taka. Dokar ta ce mallaka wa wani haƙƙi, ko ba shi izinin da shi kaɗai zai mora, sai a rubuce. Saboda haka takardar ta fayyace: ka sayi waƙar ce ɗungurungum, ko aro ne na wannan fim? Mawaƙin zai iya sakin ta a tasharsa, kuma yaushe? Mai situdiyon da ya haɗa kiɗan shi ma ya sa hannu. In mawaƙi zai miƙa waƙar ga kamfanin rarraba waƙoƙi, a rubuta cewa zai sanar da su izinin da ya ba ka, don kada na'ura ta kama fim ɗinka a kan waƙar da kai ka biya aka yi.