Kano zuwa Yankari a Yini Uku: Yadda Ake Rubuta Jadawalin Tafiya Ba Tare da Rufa-Rufa Ba

Idan hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, tallar yawon buɗe ido takan cika wayoyin jama'a. Yawanci layi biyu ne: kwana uku a Yankari, mota da masauki da abinci, kuɗi kaza. Mutum ya biya da murnarsa, sai an isa ƙofar daji ya ji ana maganar kuɗin shiga, ko a zauna cin abinci a ce ai na rana ba ya cikin lissafi. Sau da yawa mai shirya tafiyar ba da niyyar cuta ya yi ba, takardarsa ce ba ta faɗi komai ba. Jadawali mai kyau kuwa shi ne wanda duk sa'ar da ka ɗora yatsa a kanta zai gaya maka abu uku: wa zai ɗauke ka, wa zai ciyar da kai, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito. Bari mu bi tafiya guda daga Kano zuwa Yankari mu ga yadda ake rubuta shi.

Hanya ce ke yanke lokaci

Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Girman nan yana da nasaba da jadawali kai tsaye, domin isa ƙofa ba shi ne isa masauki ba. Daga Kano zuwa Bauchi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne. Daga Bauchi a hau titin Gombe, a karya kwana a Dindima, a yi kamar kilomita 29 zuwa babbar ƙofa a Mainamaji. Daga ƙofar kuma akwai sama da kilomita 40 a cikin daji kafin a kai sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke.

Da wannan lissafi, yinin farko da na uku duk na hanya ne. Yini ɗaya tak ake yi cikakke a daji. Saboda haka layin farko na takarda ya kamata ya ce "yini uku, kwana biyu a masauki", tare da ranar tashi da ranar dawowa. Wanda ya zaci dare uku zai yi a Wikki gara ya san gaskiya tun yana gidansa.

Sashen mota ya bayyana wace iri ce, kujera nawa, mutum nawa za a ɗauka. Bas mai kujera 18 da aka zuba wa mutum 14 ta bar wurin jakunkuna, amma wadda aka cika maƙil za a yi awa biyar da kaya a kan cinya. A faɗi ko tana da na'urar sanyaya iska, a faɗi takamaiman wurin haɗuwa, a kuma raba lokacin haɗuwa da lokacin tashi. Sannan a tuna cewa motar da ta kawo ku daban, motar zagayen daji daban, kowacce da kuɗinta.

Ga yadda jadawalin zai kasance

Yini na ɗaya, Juma'a. 6:00 na safe haɗuwa a Kano, 6:30 tashi; a karya kumallo daga gida. 11:30 isa Bauchi, ziyarar kabarin Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa tare da jagora. 12:30 zuwa 2:30 abincin rana (an biya) da sallar Juma'a. 2:30 tashi. 4:00 ƙofar Mainamaji, kuɗin shiga an biya. 5:30 karɓar makullin ɗaki a Wikki. 7:30 abincin dare (an biya).

Yini na biyu, Asabar. 6:45 karin kumallo (an biya). 7:30 zuwa 10:00 zagayen daji, mota da jagora an biya. 10:00 zuwa 1:00 lokacin kanka. 1:00 abincin rana (an biya) da salla. 3:30 zuwa 6:00 zaɓi: zagaye na biyu da kuɗinka, ko hutu. 7:30 abincin dare (an biya).

Yini na uku, Lahadi. 7:00 karin kumallo (an biya). 8:30 miƙa makulli da tashi. 11:30 Bauchi, awa ɗaya da rabi na sayen tsaraba da abincin rana da kuɗinka. 1:00 salla da tashi. Isa Kano wajen 6:30, a sauka inda aka hau.

Lura da cewa an ware awa biyu a Bauchi ranar Juma'a. Mai shiryawa da ya manta da sallar Juma'a zai ga jadawalinsa ya wargaje tun rana ta farko, ƙila magariba ta riske shi bai kai ƙofa ba. Haka kuma an sa tashi da sassafe ranar Lahadi don kada a yi tafiyar dare a hanyar Ningi.

A ƙirga abinci ɗaya bayan ɗaya

Yini uku cin abinci tara ne. A jadawalin nan shida aka biya: na rana da na dare a yinin farko, duka ukun yini na biyu, da kumallon yini na uku. Sauran ukun, wato kumallon ranar tashi, da na rana da na daren ranar dawowa, suna wuyan matafiyi. Idan an rubuta "da abinci" kawai, mai biya tara yake ƙirgawa a ransa, mai shiryawa kuma shida ko huɗu yake nufi, daga nan gardama ke tashi.

Bayan adadi, a faɗi abin da ke cikin faranti: shinkafa da miya da nama yanka ɗaya, ko tuwo, ko masa, wadda Bauchi ta yi suna a kanta. A faɗi ko ruwan gora yana ciki, kuma gora nawa a yini, domin tsakanin Maris da Afrilu zafi yana sa a sha ruwa fiye da yadda aka saba. Lemo da shayin dare a rubuta su a jerin abin da mutum zai saya da kansa. Mai ciwon sukari ko mai tafiya da ƙaramin yaro a ba shi ranar da zai sanar kafin tashi. Wannan ya fi muhimmanci a Wikki, inda babu kasuwar da za ka fita ka sayi wani abu idan na gidan abinci bai yi maka ba.

Lokacin kanka ma yana da iyaka

A birni, awa uku na hutu na nufin ka tari mai adaidaita ka shiga gari. A tsakiyar daji abin ba haka yake ba. Takarda ta faɗi abin da za a iya yi da ƙafa daga ɗaki, sannan ta faɗi abin da aka hana. Babban abin yi shi ne wanka a maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta yake tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma tana nan gangaren sansanin. A rubuta ko kuɗin wankan yana cikin abin da aka biya, a zo da kayan wanka, sannan idan rukunin ya haɗa iyalai a tsara lokacin mata da na maza tun kafin a taso.

Wanda aka hana shi ne fita daga sansani da ƙafa ba jagora. Akwai kuma gwaggon birai da suka saba da mutane. Suna zaune a bakin baranda suna kallon hannun kowa, da sun ga leda sai su wafce, ɗakin da aka bari a buɗe kuma su shiga su yi ɓarna. Layi ɗaya a jadawali da zai ce a kulle ƙofa da taga, kada a riƙe abinci a fili, ya isa ya hana kukan yaro da asarar jaka.

Kogunan Marshall, waɗanda mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, suna nesa da sansani, sai da mota. Idan an ambace su a talla, to a nuna a wane zagaye za a je. Sannan kada a yi alkawarin dabba. Giwa da ɓauna da gwanki da dorina suna dajin, kuma an fi ganinsu da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Duk da haka abin da aka sayar maka awa biyu da rabi ne na zagaye, ganin giwa sai an dace.

Jeri biyu na kuɗi

Ƙarshen takarda ya ƙunshi jeri biyu: abin da ke cikin kuɗin, da abin da ba ya ciki, kowanne da kiyasinsa. Mu ɗauki alkaluma na misali. A ce kuɗin mutum ɗaya naira 150,000, bisa sharaɗin mutum biyu a ɗaki. Magidanci da uwargidansa sun biya 300,000. Suna son zagaye na biyu, motar kuma haya ake ɗaukarta gaba ɗaya, a ce 42,000. Idan mutum shida suka shiga, kowa 7,000, su biyun 14,000. Abincin rana a Bauchi ranar dawowa 10,000, lemo da ƙarin ruwa 6,000, zuwa wurin haɗuwa da komawa gida 5,000, tsaraba 15,000. Jimillar ƙari 50,000, tafiyar ta tashi 350,000. Amma idan mutum uku kaɗai suka nemi zagayen, kason kowa ya koma 14,000. Shi ya sa ake rubuta kuɗin mota dungurungum da adadin mutanen da take ɗauka.

Akwai ƙananan abubuwa da aka fi mantawa: ƙarin kuɗin mai son ɗaki shi kaɗai, kuɗin shiga da kyamara, kuɗin yaro da shekarun da ake ƙirga shi yaro, da ko za a ba shi kujera da gado. Ihsanin direba da jagora a rubuta cewa ganin dama ne. A shawarci kowa ya riƙe tsabar kuɗi don waɗannan.

Sai sharuɗɗa. Kafin alkalami nawa ne, kuma wace rana za a cika? Wanda ya fasa saura mako biyu nawa za a mayar masa, wanda ya fasa saura kwana biyu fa? Idan ba a samu mutum 14 ba, ɗagewa za a yi ko mayar da kuɗi? Idan man fetur ya tashi bayan an biya, wa zai ɗauki ƙarin? Idan mota ta lalace aka kwana a Bauchi, wa zai biya ɗakin? Kowace tambaya a nan tana buƙatar amsa da adadi da rana.

Kafin ka tura ko sisi, karɓi jadawalin a rubuce, ka ƙirga darare, ka ƙirga abinci, ka haɗa jeri na biyu a kan kuɗin da aka tallata. Duk gurbin da ka tarar babu amsa, ka tambaya, ka ce a ƙara amsar a cikin takardar. Mai shiryawa na gari yakan yi maraba da wannan, domin takardar da ta kare ka daga kuɗin ba-zata ita ce za ta kare shi daga zargi ranar da aka dawo.