Maɓallin VSC OFF: ranar da ya fitar da ni daga taɓo a Keffi, kuma ya kusa jefa ni rami

Ni ɗan Keffi ne, amma neman abinci ya ajiye ni a Agege, Legas. Da daminar bara na tafi gida biki da motata, Toyota Corolla ƙirar 2014, irin tokumbon nan da ke hannun da yawa daga cikinmu. A tafiyar nan ne wani ɗan maɓalli da na shekara uku ban taɓa shi ba ya koya mini darasi biyu cikin awa ɗaya. Idan ka duba motarka, wataƙila kai ma kana da shi: hoton mota ne da layuka biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta, sannan an rubuta OFF.

Washegarin ɗaurin aure, ni da ƙanena muka kama hanyar Keffi zuwa Nasarawa, muka sauka daga kwalta don mu gaida wata gwaggonmu a ƙauye. An kwana ana ruwa. A wani kwari sai tayoyin gaba suka nutse a jar laka. Na taka totur, mota ta ƙi ɗaukar wuta. Na ƙara takawa har ƙasa, inji na ta ƙugi ƙasa-ƙasa kamar an shaƙe shi, wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton mota tana ta ƙyaftawa a dashbod. Ƙanena ya ce, "Yaya, anya giyar nan ba ta mutu ba?"

Giya lafiyarta ƙalau. Motar ce da kanta take hana ni, kuma aikinta take yi.

Tsarin da ke yin wannan, kowane kamfani da sunan da ya sa masa. Toyota na kiransa VSC, Honda VSA, Nissan VDC, BMW DSC, su Mercedes da Volkswagen da Peugeot kuma ESP. Kamfanin Bosch da Mercedes ne suka fara fito da shi kasuwa a 1995, kuma Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci tun daga ƙirar 2012. Saboda haka duk tokumbon Amurka daga wannan shekara zuwa sama yana da shi, ko mai motar ya sani ko bai sani ba.

Aiki biyu ne a haɗe, kuma gane bambancinsu shi ne gaba ɗayan maganar. Na farko shi ne hana taya juyawa a banza, wanda Toyota ke rubutawa TRAC. A kowace taya akwai sansa mai ƙirga juyawarta, wadda birkin ABS ma da ita yake aiki. Idan kwamfutar mota ta ga tayar gaba na gudu alhali na baya a tsaye suke, sai ta matse wa mai gudun birki, ta kuma rage wa inji ƙarfi. Na biyun shi ne hana mota zamewa a kwana. Akwai sansa a sitiyari mai faɗin inda kake son zuwa, da wata a cikin mota mai auna inda jikin motar yake juyawa a zahiri. Da zarar biyun sun saɓa, sai kwamfuta ta kama birkin taya ɗaya tak. Idan bayan mota ne ke neman wuce gabanta, takan kama tayar gaba ta wajen kwana. Idan kuma ka karya sitiyari amma hancin mota ya miƙe, takan kama tayar baya ta cikin kwana. Kai direba feda ɗaya gare ka mai kama tayoyi huɗu a tare, don haka komai gwanintarka ba ka iya yin wannan da ƙafarka. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna tsarin na rage mummunan hatsarin da mota ke yi ita kaɗai da kusan rabi.

To, a cikin taɓo fa? Nan ne aikin farko ke zama matsala. Taya na bukatar ta ɗan juya ta watsar da lakar da ta cika zanenta, ta tono ƙasa mai tauri, mota kuma ta sami yunƙuri. Ita kuwa kwamfuta da ta ga juyawar sai ta yanke ƙarfi. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi maɓallin.

A irin motata, dannawa iri biyu ce. Idan ka danna sau ɗaya ka saki, TRAC kaɗai ka kashe, fitilar TRAC OFF ta kama, mai hana zamewa kuma yana nan a bakin aiki. Idan kuwa mota na tsaye ka danne shi sama da daƙiƙa uku, duka biyun ka kashe, sai ka ga TRAC OFF da VSC OFF a tare. A motocin Honda da yawa riƙewa ake yi har a ji ƙara. Kowace mota da tsarinta, ka duba littafinta.

Ga yadda muka fita. Na tsaya cak, na miƙar da sitiyari, na danne maɓallin. Ƙanena da wasu samari biyu masu wucewa suka kwashe lakar gaban tayoyi, suka cusa duwatsu da rassan itace, na ce kowa ya matsa gefe don taya na iya harbo dutse. Na sa R na taka totur kaɗan, mota ta ja baya kamar taku ɗaya. Na taka birki har tayoyi suka tsaya, na sa D na dawo gaba. Haka na riƙa lilo da ita, kowane zuwa yana ɗara na baya tsawo, a na biyar ta haye. Abu biyu a kula da su a nan. Kada a canza giya tayoyi na juyawa, don haka ake kashe giyar otomatik. Kada kuma a danne totur har ƙasa, don taya rami za ta haƙa wa kanta. Idan cikin mota ya riga ya zauna a ƙasa, babu maɓallin da zai fitar da kai, sai jak da shebur ko igiyar ja.

Murna ta sa na manta da darasi na biyu. Ban kashe inji ba, muka gaisa da gwaggo a tsaitsaye ta taga saboda hadari ya haɗo, muka juyo. Da danna ɗaya na yi, da TRAC ya dawo da kansa idan mota ta ɗauki gudu. Amma ni riƙewa na yi, kuma idan an kashe duka biyun ba sa dawowa sai an sake dannawa ko an kashe mota an tayar. Muka hau kwalta ana yayyafi, tayoyina cike da laka, ina wajen kilomita tamanin. A wata kwana akuya ta faɗo titi. Na kauce dama, na dawo hagu, sai na ji bayan mota ya tafi abinsa. Ta yi wutsiya sau biyu kafin ta tsaya a gicciye, tayar baya ɗaya a bakin rami. Allah ya tsare babu mota a ɗaya hannun. Ƙanena na ta salati, ni kuwa da na duba dashbod sai ga VSC OFF tana kallona. Daidai irin wannan kaucewar aka ƙera tsarin dominta, ni kuma na kashe shi da hannuna.

Tun ranar na koyi karanta fitilar, kuma hali uku gare ta. Idan hoton mota mai zamewa yana ƙyaftawa kana tafiya, tsarin ne ke aiki. Wataƙila ka ji ƙarar gurr daga wajen inji ko ɗan motsi a feda. Ba lalacewa ba ce, saƙo ne cewa taya ta fara rasa kamu, ka sassauta. Idan wadda ke da OFF ce ta kama, wani ya danna maɓallin. Sau da yawa gwiwa ce, ko yaro, ko mai wankin mota. Ka sake dannawa, ko ka kashe mota ka tayar. Idan kuwa fitilar ta kama ta zauna daram, ka kashe ka tayar ta dawo, to akwai matsala kuma tsarin ba ya aiki. Mota za ta tafi, birki zai kama, amma kariyar babu ita.

Wannan na ukun ma na gan shi. Kwana biyu bayan nan, ina shirin komawa Legas, fitilar ta zauna tare da ta ABS. Na kai wa wani mai gyaran wutar mota a cikin garin Keffi. Ya jona na'urar bincike, ta nuna sansar tayar gaba ta dama. Da aka cire tayar, ashe reshen da muka cusa ne ya tsinke wayar. Ya ce mini, "Alhaji, da wani wurin ka je, da tuni an ce ka sayi famfon ABS." Gaskiya ya faɗa. Idan fitilun nan biyu suka kama tare, a fara duba sansar taya da wayarta. Idan kuma bayan an yi alaimen ko an taɓa sitiyari ne ta kama, yawanci saitin sansa ne ya goce, da na'ura ake mayar da shi. A Toyota da yawa, fitilar inji idan ta kama takan jawo ta VSC, ka gyara injin ita ma ta mutu. Raunin batir da tayoyi masu girma daban-daban su ma suna rikita ta, abin lura ga masu sayen tayar hannu ɗaiɗai.

Akwai maganar da nake ji a tasha, wai kashe shi na rage shan mai ko ƙara wa mota gudu. Babu wannan. A kan busasshiyar kwalta kana tafiya daidai, tsarin kallo kawai yake yi, ba ya taɓa birki ba ya taɓa inji. Haka kuma idan ruwa ya cika titi irin na Fatakwal ko Legas, kashe shi ba ya taimakon komai, nan ne ma ka fi bukatarsa. Shi ma yana da iyaka: taya ce ke kama ƙasa, idan ta suɗe ko gudu ya yi yawa, kwamfuta ba ta da abin riƙewa.

Mai shirin sayen tokumbo, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole fitilar ABS da ta mota mai zamewa su kama, su mutu bayan 'yan daƙiƙu ko bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ko kaɗan ba, a yi zargin an rufe ta ne don a ɓoye matsala.

Wurin kashe shi kaɗan ne: mota ta maƙale a taɓo, ko a yashi mai zurfi irin na wasu layukan Ajah, ko kana hawan gangare mai tsakuwa a hankali mota na yanke ƙarfi. A nan ma ka fara da danna ɗaya, shi kaɗai yakan isa. Da ka fito, kafin tayarka ta taɓa kwalta, ka tsaya ka sake dannawa ka tabbata OFF ta ɓace daga dashbod. Masu shirin tafiya gida ta Lokoja, Abuja zuwa Keffi da Akwanga a daminar nan, Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.