Tambaya Kafin Saukewa: Yadda Manhaja Ke Kauce wa Maimaita Abin da Take da Shi

Manhajoji da yawa suna komawa wurin sabar lokaci-lokaci don su duba ko akwai sabon abu. Manhajar karanta labarai tana yin haka, haka ma burauza idan aka sabunta shafi. Sau da yawa abin da ke wurin sabar bai canza ba tun zuwan da aka yi na baya, don haka sake sauke shi ɓarnar data ce da lokaci. Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da sabar ke magana da ita, ta tanadi maganin wannan: buƙata mai sharaɗi. Manhaja tana cewa a aiko da fayil ɗin idan ya bambanta da kwafin da ke hannunta, in kuwa bai bambanta ba, a sanar da ita kawai.

Kafin a iya gindaya wannan sharaɗi, dole a sami alamar da ɓangarorin biyu za su gane kwafi da ita. Alamomin iri biyu ne, kuma sabar ce ke bayar da su a saman amsarta, kafin ainihin fayil ɗin. Ta farko ita ce Last-Modified, wato rana da lokacin da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe. Tana nan tun HTTP/1.0, wadda aka wallafa bayaninta a 1996. Ta biyu ita ce ETag, wadda ta zo da HTTP/1.1 a 1997. Ita ETag jerin haruffa da lambobi ce da sabar ke laƙaba wa kowane kwafi, kuma tana sauya ta da zarar abin da ke ciki ya sauya. Manhaja ba ta buƙatar sanin ma'anar jerin. Aikinta ta adana shi yadda ya zo, ta mayar da shi yadda yake.

A ɗauki misalin manhajar da ke duba fayil ɗin kanun labarai mai girman kilobait 200 kowane minti 15. A zuwan farko ba ta da komai, sai sabar ta aiko da fayil ɗin gaba ɗaya tare da alamominsa:

```
HTTP/1.1 200 OK
ETag: "a91f3c"
Last-Modified: Mon, 10 Mar 2025 08:00:00 GMT
```

Manhajar ta adana fayil ɗin, ta kuma adana alamomin biyu a gefensa. Bayan minti 15 sai ta dawo da tambaya mai sharaɗi:

```
GET /labarai.xml HTTP/1.1
Host: example.com
If-None-Match: "a91f3c"
```

Sabar ta kwatanta wannan alama da ta kwafin da take da shi yanzu. Idan sun yi daidai, amsarta ita ce 304 Not Modified, wadda ba ta ɗauke da fayil ko kaɗan, sai 'yan layukan sama da galibi ba sa kai kilobait 1. Manhajar ta ci gaba da amfani da kwafinta. Idan kuwa an ƙara labari, alamomin ba za su zo ɗaya ba, sai sabar ta aiko da 200 OK da sabon fayil da sabuwar alama, manhajar ta maye gurbin tsofaffin.

Lissafin ribar a fili yake. Dubawa kowane minti 15 ta kama sau 96 a kwana guda. Ba tare da sharaɗi ba, kilobait 19,200 ke nan, kusan megabait 19 a kullum, fiye da rabin gigabait a wata, a kan fayil ɗaya tak. Idan fayil ɗin sau 6 kawai yake canzawa a kwana, saukewa 6 za ta ci kilobait 1,200, sauran tambayoyi 90 kuma ba za su kai kilobait 100 ba. Jimilla ba ta wuce megabait ɗaya da 'yan kai ba. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Ana iya gindaya sharaɗin da kwanan wata ma, ta hanyar mayar da ƙimar Last-Modified a cikin If-Modified-Since. Sai dai wannan hanya tana da rauni biyu. Lokacin da ake rubutawa a HTTP bai san abin da ya gaza daƙiƙa ɗaya ba, don haka idan an gyara fayil sau biyu cikin daƙiƙa guda, kuma manhaja ta sauke shi tsakanin gyare-gyaren, gyara na biyu zai iya kuɓuce mata. Sannan fayil ɗin da aka sake ajiyewa ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba yana samun sabon lokaci, sai a sauke shi a banza. ETag da aka ciro daga ainihin abin da ke cikin fayil ba ta da waɗannan matsaloli. Shi ya sa ƙa'idar ta ce idan buƙata ta zo da sharuɗɗan biyu, sabar ta bi If-None-Match ta ƙyale ɗayan.

Tsarin yana lalacewa ta fuska biyu. Ta farko ita ce alama ta riƙa sauyawa alhali bayanin bai sauya ba. Wannan yakan faru idan shirin da ke haɗa fayil yana saka lokacin da ya haɗa shi a ciki, sai kowane kwafi ya zama sabo. Yakan faru kuma idan injuna da yawa ne ke amsa buƙatu a bayan adireshi ɗaya, kowace tana ƙirƙirar alama tata. Tsofaffin sigogin sabar Apache sun yi suna da wannan, domin suna haɗa lambar da faifan kwamfuta ya ba fayil a cikin ETag, lambar kuwa ta bambanta daga inji zuwa inji. Daga siga ta 2.4, lokaci da girman fayil kawai take amfani da su idan ba a sauya saiti ba. Alamar wannan matsala ita ce a riƙa samun 200 a kowace tambaya, 304 ba ta taɓa zuwa.

Fuska ta biyu ta fi haɗari: bayani ya sauya amma manhaja ta zauna da tsoho. Wani sanannen kuskure shi ne manhaja ta adana sabuwar alama tun kafin saukewa ta kammala. Idan layi ya katse a tsakiya, tana riƙe da alamar sabon kwafi ba tare da kwafin ba, kuma duk tambayar da ta yi za a amsa mata da 304 har sai fayil ɗin ya sake canzawa. Hanyar da ta dace ita ce a kammala saukewa, a tabbatar fayil ya cika, sannan a adana alamarsa. Idan kwafi ya ɓace, a jefar da alamar ma.

Gwajin ba shi da wuya. Shirin curl yana da zaɓuɓɓuka biyu na wannan aiki tun siga ta 7.68.0:

```
curl -i --etag-save alama.txt https://example.com/labarai.xml
curl -i --etag-compare alama.txt https://example.com/labarai.xml
```

Umarni na farko yana sauke fayil ya ajiye alamarsa, na biyu kuma yana aika ta a matsayin sharaɗi. Idan layin farko na amsa ta biyu ya nuna 304, sabar tana mutunta sharaɗin. A burauzar kwamfuta kuma, sashen Network na kayan masu haɗa shafuka yana nuna lambar amsar kowane fayil da yawan abin da aka sauke.

Buƙata mai sharaɗi tana da iyaka. Ba ta hana zuwa wurin sabar, don haka jinkirin kai da komo yana nan, kuma ba ta aiki idan babu intanet. Hana tambayar gaba ɗaya aikin Cache-Control ne, inda sabar ke cewa, misali, max-age=600, wato a yarda da kwafin na minti 10 ba sai an tambaya ba. Haka kuma alama tana nuna cewa an sami sauyi ne kawai, ba ta nuna inda yake. Ko layi ɗaya aka gyara, fayil ɗin gaba ɗaya za a sake saukewa. Saboda haka bayani mai yawa da ke canzawa kaɗan-kaɗan ya fi kyau a raba shi ƙananan fayiloli, kowane da alamarsa, yadda ɓangaren da aka taɓa ne kaɗai zai sake saukowa.