Idan Rijiyar Burtsatse Ta Ci Kasafinta: Wasiƙar Neman Ƙari

A ce mai kula da aiki ya karɓi naira miliyan 5 daga mai ɗaukar nauyi domin haƙa rijiyar burtsatse cikin mako 6. Binciken ƙasa ya nuna za a taras da ruwa a mita 60, amma injin ya ci karo da dutse, dole a nutsa zuwa mita 90.

Wasiƙar da zai rubuta ta fara da labarin kai tsaye bayan gaisuwa: "Ranka ya daɗe, aikin zai makara da mako 3, kuma muna neman ƙarin naira 900,000." Daga nan sai dalili, tare da rahoton mai haƙa da hotuna. A warware kuɗin dalla-dalla: mita 30 a kan naira 20,000 kowace, 600,000 ke nan, sauran 300,000 na bututu ne da wayar famfo.

Inda da yawa suke tuntuɓe shi ne rashin ba da zaɓi. Mai kuɗi yana son sanin abin da zai faru idan ya ƙi. A gaya masa gaskiya: ko a rage girman tanki, ko a dakata. A kuma sa ranar da ake buƙatar amsa, domin mai injin ba zai zauna jira kyauta ba.