Yadda ake fitar da taswirar zafi daga ɗigon mace-mace

A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan. Cikin kwana goma mutum fiye da 500 suka mutu, a tsakanin yadi 250 daga wata mahaɗa da ke titin Broad Street. Likita John Snow ya zana taswira, ya ja ɗan layi baƙi a kan kowane gida, layi ɗaya mamaci ɗaya, sai ga layukan sun yi cincirindo kewaye da famfon da mutanen titin ke ɗibar ruwa. Ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon.

Snow da hannu ya yi nasa aikin. Yau masu koyon zanen taswira kan ɗauki waɗannan ɗigogi su zuba a manhajar QGIS, su buɗe Heatmap (Kernel Density Estimation), ta fito da shimfiɗar launi: ja inda abin ya yi yawa, fari-fari inda ya yi ƙaranci.

Abin da manhajar ke yi ba shi da wuyar fahimta. A kan kowane ɗigo tana zuba tsibin yashi, mai tudu a tsakiya, yana raguwa har ya ƙare a bakin wata da'ira. Inda ɗigogi suka matsu, tsibi ya hau kan tsibi, wurin ya yi tsauni, tsayin nan shi ake mayarwa launi. Da siffar Quartic, wadda aka fi amfani da ita, tudun da ke rabin hanya tsakanin ɗigo da bakin da'ira ya ɗan haura rabin na tsakiya, a bakin kuwa ya zama sifiri.

Kafin komai, a duba ma'aunin taswirar. Idan ɗigogin suna EPSG:4326, lissafinsu da digiri ne, digiri ɗaya kuwa wajen kilomita 111 ne daga kudu zuwa arewa. A mayar da su mita tukuna: EPSG:27700 ga Landan, mai aiki a Kano kuma EPSG:32632. Sannan, da yake gida ɗaya kan yi mamata da yawa, in teburin ya tara su a ɗigo guda, a zaɓi layin adadin a Weight from field. In ba haka ba, gidan da ya rasa mutum takwas da wanda ya rasa ɗaya duk ɗaya ne a wurin manhajar.

Babban hukunci yana wurin Radius, wato nisan da ke tsakanin ɗigo da bakin da'irarsa. Sa mita 20, kowane gida ya tashi da jan tabonsa, ba abin da aka ƙaru da shi a kan taswirar Snow. Sa mita 500, ninki biyu ke nan da ɗoriya na yadi 250 ɗin nan, unguwar duka ta zama ƙwallo ja guda. Wannan ya fi haɗari, don yana da kyan gani. A kan titin Broad Street akwai kamfanin giya da ma'aikatansa ba sa shan ruwan famfon, ba wanda ya mutu a cikinsu. Can Poland Street kuma akwai gidan gajiyayyu mai rijiyarsa, mutum 535 a ciki, biyar kacal suka mutu. Waɗannan gurabe suna cikin hujjojin Snow mafi ƙarfi, amma da'ira mai faɗi za ta shafe su da jan maƙwabta.

A ganina a fara daga tambayar da ake son amsawa. Tunda maganar ɗibar ruwa ce da ƙafa, a fara da mita 100, a sake da 50, a sake da 200. Jan da ya tsaya wuri ɗaya a duka ukun, wannan ana iya dogara da shi. Wanda ya ɓullo a ɗaya ya ɓace a sauran, a koma a ƙirga ɗigoginsa da ido. ArcGIS kan ba da nata nisan daga ƙa'idar Silverman, amma lissafi ne kawai, bai san inda famfo yake ba.

Girman murabba'i, Pixel size, lamarinsa da sauƙi. Shi ne laushin hoton. Ga da'irar mita 100, murabba'in mita 10 ya wadatar: fili mai kilomita ɗaya kowane gefe zai ba da murabba'i 10,000. A mita ɗaya sun zama 1,000,000, kwamfuta ta sha aiki, taswirar kuwa ba ta faɗi sabon abu ba. In murabba'in ya kusa girman da'irar, hoton zai fito dunƙule-dunƙule da gefe kamar matakala.

Launin yawan mamata yake nunawa, ba ya gaya maka mutum nawa ke zaune a wurin. Fari na iya zama fili ne babu kowa, ko kuma gida cike da mutanen da suka tsira, irin na Poland Street. Don haka a rubuta nisan da'ira da girman murabba'i a ƙasan taswirar, in kuma za a jera biyu don kwatanci, a ba su ma'aunin launi iri ɗaya.